Yadda Ake Gyara Sunan da Aka Yi Kuskurensa a Jikin Bana Kafin a Fara Taro

Masu koyon aikin zane da ɗab'i sun sha turo mini wannan tambaya, galibi cikin gaggawa: an buga bana, an kai wurin taro, sai aka ga harafi ɗaya ya kauce a sunan babban mutum, yaya za a yi? Zan amsa ta da aikin wani matashi mai zane a nan Birnin Kebbi, saboda na ga yadda ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya, kuma tsarin da ya bi shi ne wanda nake so kowane yaron shago ya riƙe.

Wata makarantar Islamiyya a unguwar Badariya ce ta shirya walimar saukar Alƙur'ani ranar Asabar da ƙarfe 10 na safe. Banar fileks ce mai tsawon ƙafa 10 da faɗin ƙafa 6, bangonta kore mai duhu, rubutunta fari. A ƙasanta akwai layi biyu, ɗaya a kan ɗaya: sunan uban taro da sunan babban baƙo. Uban taron Alhaji Sa'adu ne, amma abin da ya fito a jikin bana SA'IDU ne. Wanda ba Bahaushe ba zai ce harafi ɗaya ne kawai. Mu kuwa mun san an ba mutum sunan wani ne ɗungurungum, a gaban 'ya'yansa da maƙwabtansa. Wajen ƙarfe 7 na safe shugaban makarantar ya kira yaron.

"Ɗana, wanga suna ba daidai yake ba. Mutumen nan shi ya gina muna aji biyu. Ba mu iya rataya wagga bana haka."

"Ka yi haƙuri Malam. Don Allah kada a rataye ta. A naɗo ta, a ba ɗan kabu-kabu ya kawo min shago yanzu."

1. Karɓi sunan a rubuce, daga bakin mai shi

Kafin yaron ya kunna kwamfuta, sai da ya roƙi malamin ya turo masa cikakken sunan a rubuce ta WhatsApp, kuma a tambayi ɗaya daga cikin 'ya'yan Alhajin yadda mahaifinsu yake rubuta shi. Wannan minti biyar ɗin ba ɓata lokaci ba ne. Sunayenmu suna da rubutu fiye da ɗaya: Muhammad da Muhammadu da Mohammed, Usman da Usmanu, Aisha da A'isha, Abdulƙadir da Abdulkadir. Duk daidai ne, amma mutum ɗaya guda ɗaya yake amsawa. Haka ma muƙami da sarauta: a tabbatar ko Alhaji za a sa ko Malam ko Dakta, da wanda zai zo a gaba.

Gargaɗi: kada ka karɓi gyara ta murya a waya. Sa'adu da Sa'idu, ko Hassan da Hussaini, suna iya rikicewa a kunne idan layi ba kyau. Wanda ya gyara kuskure da wani kuskuren ba ya samun dama ta uku.

Da banar ta iso, ka shimfiɗa ta ka karanta ta tun daga sama har ƙasa, da yatsa a kan kowane harafi: sauran sunaye, ranar taro ta Miladiyya da ta Hijira, lokaci, wuri. Inda aka sami kuskure ɗaya, gaggawar da ta haife shi tana iya barin wani. Yaron nan ya sa abokin aikinsa ya karanta masa da ƙarfi yana duba saƙon malam. Sauran duk lafiya.

2. Zaɓi tsakanin sake bugawa da yin faci

Maganar gaskiya, idan akwai lokaci da kayan aiki, sake buga banar gaba ɗaya ya fi kowace dabara. Ba faci da ke kai sabon bugu tsabta. Abin da za ka lissafa ba lokacin bugun kaɗai ba ne. Ka haɗa da layin da ke gabanka a wurin masu inji, da tayar da janareta idan ba wuta, da shanya, da naɗe baki, da buga zoben ƙarfen da ake zura igiya, da tafiya zuwa wurin taro, da ratayewa. Idan jimillar ta cinye fiye da rabin lokacin da ya rage maka, ka bar wannan hanya, domin wani abu ɗaya a ciki sai ya ja fiye da yadda ka zata.

Shi wannan yaro, kamar yawancin masu zane a garuruwanmu, ba shi da injin buga fileks. Zanawa yake yi ya kai fayil wurin masu babban inji. Da ya kira ofaretan da ya buga masa jiya, sai ya ce fileks mai faɗin da ake buƙata ya ƙare a daren, sai an kawo wani, amma akwai sitika a kan inji. Wannan ya yanke hukunci: faci za a yi.

Faci yana yiwuwa ne idan sunan yana zaune a kan bango mai launi ɗaya, kuma akwai ɗan fili sama da ƙasa da shi. Idan sunan ya hau kan hoton mutum, ko kan bangon da launinsa ke sauyawa a hankali daga duhu zuwa haske, aikin ya fi wuya ƙwarai, domin ko ɗan kaucewa kaɗan ido zai kama. Haka idan bana ce ta akwatin fitila wadda haske ke fitowa ta bayanta, faci zai fito baƙi ƙirin da dare. Wannan kam sai sabon bugu.

Batun kuɗi kuwa, da murabba'in ƙafa ake lissafin bugu. Banar nan 10 sau 6 ce, wato 60. Facin da yaron ya ƙare da shi bai wuce 5 ba. Mu ɗauka, don sauƙin lissafi kawai, ana buga kowace ƙafa a kan naira 300: sabuwar bana naira 18,000 ke nan, faci kuma naira 1,500. Farashi yana sauyawa daga shago zuwa shago, sitika takan ɗan ɗara fileks tsada, kuma wasu masu inji suna da mafi ƙarancin kuɗin da za su kunna inji a kansa. Ka tambaya kafin ka tafi.

3. Haɗa kayan aiki

Tef ɗin awo, rula ta ƙarfe, sabuwar reza ko wuƙar yankan sitika, tef na takarda, fensir, tsumma mai laushi guda biyu, allura, da robar danna sitika. Idan ba ka da robar, tsohon katin banki da aka naɗe da ƙyalle ya wadatar. Sai teburi mai santsi ko falan katako. A kan siminti mai yashi ba a liƙa sitika, domin kowace ƙwayar tsakuwa da ke ƙarƙashin fileks za ta fito a fuskar aikin.

4. Gyara a ainihin fayil ɗin da aka buga

Buɗe fayil ɗin CorelDRAW da aka fitar da banar daga cikinsa. Abu na farko, ka ajiye kwafi da sabon suna ta Ctrl+Shift+S, ka bar tsohon yadda yake, saboda za ka buƙace shi wajen gwada wurin zaman layi.

Idan rubutun yana nan a matsayin rubutu, gyaran harafi ɗaya ne. Amma yawancinmu muna danna Ctrl+Q, wato Convert to Curves, kafin mu kai aiki wurin inji don kada font ya canza. Bayan wannan, harafi ya zama zane, ba ya gyaruwa. Abin yi shi ne ka danna F8 ka sake rubuta layin duka da font ɗin da ka yi amfani da shi, ka ɗora shi a kan tsohon, ka shiga View sannan Wireframe don ka ga sassan biyu sun hau juna a tsawo da kauri. Idan sun daidaita, ka goge tsohon.

A nan ne yaron ya yi abin da ya burge ni. Abokin aikinsa ya ba shi shawarar da kowa ke bayarwa.

"Oga, mu buga A guda kawai mu liƙa bisa I ɗin mana. Minti biyu an gama."

Ya ƙi, kuma yana da hujja. A cikin manyan haruffa, I siriri ne, A kuwa mai faɗi. Haruffan layin nan tsayinsu inci 3 ne, kuma a wannan girman bambancin faɗin A da I ya kai kusan inci 2. Ba inda A zai shiga ba tare da ya ci alamar da ke gabansa ko ya taka D ba. Idan aka matse shi ya shiga, zai fito ramamme a tsakanin 'yan uwansa, kuma nan ne idon kowa zai fara sauka. Bayan haka layin a tsakiya aka daidaita shi, don haka da zarar ya ƙara tsawo, kowane harafi a cikinsa ya matsa daga inda yake. Tsohon layin inci 52 ne, sabon ya zama 54. Dokar da za ka riƙe ita ce: ana rufe layi ne gaba ɗaya, ba harafi ba.

Gargaɗi ga masu sunaye ko kalmomi masu ƙugiya, irin su Ɗanjuma, Ɓaidu, Ƙaura, ko Alƙur'ani: font da yawa na ado ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Idan ka rubuta su, ko dai akwati ya fito a wurinsu, ko kwamfuta ta aro harafin daga wani font daban, sai ya fito siriri a cikin masu kauri. A ƙaramin allon kwamfuta ba a cika lura ba, amma a bana mai ƙafa 10 abin a fili yake. Ka zuƙo hoton sosai ka duba. Noto Sans yana da su duka. Idan dole sai font ɗin da ba shi da su, ka mayar da harafin zane ka ɗora masa ƙugiyar da hannu.

Idan kuma fayil ɗin ya ɓace, ko wani shago ne ya yi zanen, ka auna tsayin harafi da tsawon layi a jikin banar, ka nemi font mafi kusa, ka tafi kai tsaye ga dabarar zirin launi da zan yi bayani a mataki na 6. Kada ka ɓata lokaci wajen neman launin bangon da ido.

5. Auna banar kanta, kada ka dogara da awon kwamfuta

Abin da ke cikin fayil da abin da inji ya fitar ba sa zama daidai cif. Fileks yana ɗan miƙewa da zafin inji da jan da ake yi masa, wani lokacin kuma ofareta yana ɗan ƙara girman aiki don a sami abin naɗe baki. Yaron ya ɗora tef daga farkon A na ALHAJI zuwa ƙarshen harafin ƙarshe, ya sami inci 52 da kwata, alhali fayil 52 ya ce. Kwatan inci ba komai ba ne idan facin yana da rara. Da ya ga bambancin ya kai inci ɗaya ko fiye, da sai ya ƙara girman facin da gwargwadon wannan bambanci.

Daga nan ya danna F6 ya zana akwati mai tsawon inci 58 da tsayin inci 6 a bayan sabon layin. Wannan ya bar inci 2 a kowane gefen sabon rubutu, inci ɗaya da rabi sama da ƙasa, kuma ya rufe tsohon rubutun ruf. Ya kuma lanƙwasa kusurwoyin akwatin kaɗan. Kusurwa mai tsini ita ce ke fara ɗagowa idan iska ta kaɗa ko hannu ya goga.

Gargaɗi: idan ka saba zana manyan banoni a ƙaramin ma'auni, misali kashi ɗaya cikin goma, ofareta ya faɗaɗa a wurinsa, to ka mayar da facin cikakken girmansa kafin ka fitar. Ka rubuta awon a sunan fayil ɗin don kada a yi maka hasashe:

```
faci_58x6in_sitika.tif
```

Wajen fitarwa, ka zaɓi akwatin da rubutun tare, ka danna Ctrl+E, ka sa alama a Selected only. Ka bar launi a CMYK, da irin saitin da ka fitar da banar jiya. Idan jiya CMYK ka kai, yau ka kai RGB, ko a inji ɗaya launin ba zai zo ɗaya ba.

6. Launi: inda yawancin faci ke tona kansa

Wannan mataki shi ya fi kowanne buƙatar haƙuri. Ka koma injin da ya buga banar, ba wani ba. Kowane inji da irin tawadarsa da saitinsa, kuma lambar kore ɗaya tana iya fitowa iri biyu a shaguna biyu da ke titi guda. Ko a inji ɗaya ma, sitika ba fileks ba ce. Fuskarta ta fi santsi, ta fi fari, sau da yawa ta fi ƙyalli, don haka tawada tana zama a kanta daban.

Saboda haka kada ka buga facin kai tsaye. Ka fara buga ɗan gwaji kamar tafin hannu, ka yanke shi, ka ɗora a kan banar, ka fita da su waje. Hasken cikin shago yana ɓoye bambanci, hasken rana ba ya ɓoyewa, kuma a ƙarƙashin rana ko rumfa mutane za su kalle ta. Ka ja da baya taku goma ka duba, sannan ka duba ta gefe, domin ta gefe ne ƙyalli yake bayyana.

Gwajin yaron ya fito ya fi bangon haske, kuma yana sheƙi. Zai iya zama yana ƙara baƙi kaɗan-kaɗan a lambar launin yana sake gwaji har ya kusanto, kuma idan da lokaci hakan yana aiki. Amma ƙarfe 8 ta wuce. Sai ya bar ƙoƙarin ɓoye facin, ya mayar da shi ado. Ya canza akwatin zuwa kore mai duhu sosai, kusan baƙi, ya zagaye shi da siririn layi ruwan zinariya irin wanda ke jikin taken banar, rubutun kuma fari yadda yake. Sannan ya yi wa sunan babban baƙo irin wannan zirin, duk da cewa ba kuskure a cikinsa. Da suna ɗaya kaɗai ya sami ziri, da kowa ya san an rufe wani abu. Da yake biyu ne iri ɗaya, sai ya zama kamar haka aka zana tun farko. Wannan ne ya kai facin murabba'in ƙafa 5: kowane ziri inci 58 sau 6, wato 348, a raba da 144 ya ba da kusan ƙafa biyu da rabi.

Akwai dalilin da ya sa ya zaɓi launi mai duhu. Farar sitika ba ta toshe abin da ke ƙarƙashinta gaba ɗaya. Idan ka ɗora ziri rawaya ko fari a kan baƙin rubutu, tsohon sunan zai riƙa leƙowa kamar inuwa, musamman idan rana tana bayan banar. In dole sai launi mai haske, ka nemi sitika mai bayan toka-toka, wadda aka yi don rufe abin da ke ƙasa, ko ka fara liƙa farar sitika marar bugu sannan ka ɗora mai rubutun a kanta.

Akwai masu buga facin a guntun fileks su liƙa da gam irin na masu takalmi. Launin ya fi kusa, gaskiya ne, amma kaurin bakin yana yin inuwa, kuma gam ɗin ba ya ba ka damar gyara idan ka ɗora a karkace. Idan wannan ce kaɗai hanyar da kake da ita, ka shafa gam siriri a ɓangarorin biyu, ka jira ya daina kama yatsa, sannan ku haɗa ku biyu. Kada ka kusanci gam mai bushewa nan take irin na ƙaramin bututu. Yana sandarar da fileks, yana barin farin tabo.

Bayan bugu, ka bar sitikar a gaban fanka kamar minti 15 zuwa 20. Ɗanyar tawada tana gogewa a ƙarƙashin roba, kuma tana sa sitika ta yi laushi ta miƙe. Sannan ka yanke da rula ta ƙarfe da sabuwar reza, daidai kan bakin launi, kada farin gefe ya saura.

7. Share wuri ka sa alama

Shimfiɗa ɓangaren banar a kan teburi, ka ja shi ya miƙe, ka danne gefuna da tef ko wani abu mai nauyi. Goge wurin da tsumma mai ɗan danshi, ka bi da busasshe, ka jira ya bushe sarai. A lokacin hunturu ƙura tana sauka cikin 'yan mintuna, don haka ka rufe ƙofa, ka kashe fanka, ka sake gogewa dab da liƙawa.

Gargaɗi: kada ka goge da tina ko fetur ko ruwan wanke kan inji. Suna narkar da tawadar banar, sai ka tashi da tabon da ya fi facinka girma.

Don daidaita layi, kada ka auna daga bakin banar, domin naɗin baki ba ya cika miƙewa. Ka auna daga rubutun da ke jiki. Yaron ya ɗauki gindin tsofaffin haruffa a matsayin ma'auni: ya sauka inci ɗaya da rabi daga gindin harafin farko ya liƙa guntun tef, ya yi haka a harafin ƙarshe, ya kuma sa alama a tsakiyar layin. Gefen ƙasa na zirin zai zauna a kan waɗannan alamu biyu, tsakiyarsa kuma a kan ta uku.

8. Liƙawa

Kada ka ɓare takardar bayan sitikar duka lokaci ɗaya. Ziri mai tsawon kusan ƙafa 5 zai naɗe ya kama kansa, ko ya faɗa inda ba ka so, kuma cire shi yana miƙar da shi har haruffa su karkace.

Ga yadda ake yi. Ɗora zirin da takardarsa a kan alamun, ka tabbatar ya zauna daidai. Liƙa tef na takarda a tsakiyarsa daga sama zuwa ƙasa, ya kama shi da banar. Ɗaga rabin dama ka kwantar da shi a kan na hagu, ka ɓare takardar wannan rabin har zuwa tef ɗin, ka yanke ta da almakashi. Abokin aikinka ya riƙe ƙarshen a sama, ba tare da ja ba, kai kuma ka riƙa dannawa da roba daga tsakiya zuwa waje, kowane bugu yana hawa rabin wanda ya gabace shi, kana tura iska sama da ƙasa. Idan rabin ya zauna, ka cire tef ɗin, ka ɗaga rabin hagu, ka ɓare sauran takardar, ka maimaita.

Idan kumfar iska ta maƙale, kada ka ɗaga sitikar. Ka huda gefen kumfar da allura, ka tura iskar da yatsa zuwa hudar. Reza ba ta wannan aiki, domin tsagar da ta yi tana buɗewa idan rana ta buga. A ƙarshe ka bi bakin zirin duka da ƙarfi sau biyu, musamman kusurwoyi.

Gargaɗi: a inuwa ake wannan aiki. Fileks da ya sha rana yana sa gam ya kama tun kafin ka shirya, sitika kuma ta yi taushi. Idan an riga an buga banar a firam ba za a iya sauke ta ba, wani ya riƙe falan katako a bayan wurin don ka sami abin dannawa. Sannan kada ka taɓa yanke sitika da reza tana kan fileks. Ɗan tsaga kaɗan ya isa iska ta yage banar.

Yaron ya gama ziri biyun wajen ƙarfe 9 da kwata. Kafin ya naɗe, ya ɗauki hoto ya tura wa malamin.

"Malam, a duba sunan harafi-harafi. In ya yi, ga ni nan tahe."

"Ya yi, ɗana. Allah shi yi ma albarka. Taho da ita."

9. Ɗauka da ratayewa

Naɗe banar za ka yi, ba ninkewa ba, kuma fuskar rubutu ta kasance a waje. Idan sitikar ta koma ciki, tana tattarewa ta ɗago a tsakiya. Idan akwai kwalin da fileks ke zuwa a kansa, ka naɗe a jikinsa. Ka bi aikin da kanka zuwa wurin taro da roba da allura a aljihu, domin ɗalibai masu ɗaure igiya sukan ja bana da ƙarfi, fileks ya miƙe fiye da sitika, baki ya ɗan ɗago. Ka sa a ɗaure kusurwoyin sama da farko, sannan na ƙasa, a ja daidai gwargwado. Bayan an rataye, ka sake danne bakin zirin, ka koma inda kujerun manyan baƙi suke ka duba daga can. Yaron nan ya sauko daga kan benci ana shimfiɗa tabarmin ɗalibai, baƙi ba su fara isowa ba.

Tun kana wurin, ka tambayi masu taro ko akwai wani abin da aka buga da sunan: takardar tsarin taro, katin gayyata, takardar yabo da za a miƙa wa uban taro. Idan daga fayil ɗaya aka kwafi sunan, kuskuren yana can ma. A wannan walima takardar yabon da hannu aka rubuta ta, don haka ta tsira.

10. Bayan taro: kuɗi, fayil, da ita banar

Wa zai biya? Ka koma saƙonnin da kuka yi. Idan mai aiki ya turo sunan daidai, kuskuren ya faru a hannun shago, to shago ne zai ɗauki kuɗin gyara, ba tare da ja-in-ja ba. Idan shi ya turo shi a karkace kuma ya amince da hoton zanen kafin bugu, kuɗin kayan nasa ne, ko da yake ni ina ganin ya kyautu a yafe masa ladan aikin hannu. A wannan karon saƙon malam daidai yake, wajen kwafewa harafin ya sauya, don haka maigidan shagon ya biya sitikar da kuɗin kabu-kabu. Ka lura, ba a tayar da wannan magana ba sai da aka tashi daga taro.

Ka gaya wa mai aiki iyakar facin. Na yini ɗaya ko 'yan kwanaki ne. Fileks yana da wani sinadari mai sa shi laushi, wanda a hankali yake ratsa gam ɗin sitika, sai ka ga bayan wani lokaci ta tattare ko bakinta ya saki, kuma zafin rana irin namu yana gaggauta hakan. Idan banar za ta zauna a bangon makaranta tsawon watanni, a sake buga ta daga gyararren fayil. Tsohon fayil mai kuskure kuwa ka goge shi ko ka sa masa alamar da ba za a ɗauke shi ba, domin shekara mai zuwa makarantar za ta dawo ta ce a canza kwanan wata kawai, kuma wanda ke kan kwamfuta a ranar zai buɗe fayil ɗin da ya fara gani.

Idan banar tana ɗauke da aya ko Basmala, kamar yadda yawancin na walimar sauka suke, kada a bar ta ta zama shimfiɗar shanya ko rufin rumfa. A yanke wurin ayar a miƙa wa malaman makarantar. Guntayen gwajin da suka rage a shago ma a duba su kafin a share, a ware duk wanda sunan Allah ya fito a jikinsa.